Godiyar Baba ga likita: yaya za a mayar da ita Turanci ladabinta bai zube ba?

Assalamu alaikum Anti. Mahaifina ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ya haura shekara 70. Yanar ido ce ta rufe masa gani har ya daina fita shi kaɗai. Wata likita 'yar Ingila da ta zo aiki na ɗan lokaci a wani asibiti nan Kano ita ta yi masa aiki, ta kuma yi ta bibiyarsa har ta koma ƙasarsu. Yanzu da ƙafarsa yake zuwa masallaci, ya koma shago har yana bambance launin shadda. Sai ya sa na ɗauki muryarsa a waya, ya ce in mayar Turanci in tura mata. Ga abin da ya faɗa:

"Ranki ya daɗe, Likita. Ina gaisuwa, da fatan kun sauka lafiya. Ya gajiya, ya iyali? Ni dai ba ni da bakin godiya. Kin yi ƙoƙari ƙwarai, kin riƙe ni kamar mahaifinki. Abin da kika yi mini Allah ne kaɗai zai biya ki. Allah ya saka da alheri, ya ja kwana, ya ƙara girma, ya raya zuri'a. In mun yi ba daidai ba a yafe mana. Na gode, na gode. Allah ya bar zumunci."

Ni na rubuta: "Dear Doctor, my father says thank you very much for everything. God bless you." Yayana ya gani ya ce na mayar da Baba kamar wanda bai san alheri ba. Shi kuma ya fassara kalma da kalma, har da "How is your tiredness?" da "You have really tried." Da na karanta nasa sai na ji tsoron kada a yi wa Baba dariya. Mako biyu ke nan ba mu tura komai ba, Baba kuma kullum sai ya tambaya ko ta amsa. Anti, yaya zan yi?

Ƙanwarki daga Fagge

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya tabbatar masa da hasken idon nan. Damuwarki ta yi mini daɗin ji, domin tana nuna kin san maganar dattijo amana ce. Mutumin da ba ya karanta Turanci ya damƙa miki bakinsa, duk abin da kika rubuta a wurin likitar nan shi ne halinsa da tarbiyyarsa. Ke da Yayanki kuwa abu ɗaya kuke karewa, wato mutuncin Baba. Shi yana tsoron a ga Baba da rowar godiya, ke kina tsoron a gan shi da gwarancin magana, kuma kowane ɗayanku tsoronsa yana da tushe. Taki fassarar ta yi gajarta ƙwarai, wannan gaskiya ce, sannan "my father says" ta cire Baba daga cikin maganarsa ta mayar da ke 'yar aike. Ta Yayanki ta kwashe kalmomin duka amma ta kai su inda ba za su yi aikin da suke yi a nan ba.

Abin da nake so ki fara riƙewa shi ne Hausa da Turanci ba wuri ɗaya suke ajiye girmamawa ba. Mu muna ajiye ta a kirarin buɗe magana, da doguwar gaisuwa, da jerin addu'o'i, da maimaita godiya. Har cikin ƙananan kalmomi tana nan. Ki duba yadda Baba ya ce "kun sauka" alhali mutum ɗaya yake nufi, ya kuma ce "a yafe mana" bai ce "ki yafe mana" ba, don kada ya zama kamar yana ba ta umarni. Turancin yau ba shi da irin wannan jam'in na girmamawa, "you" ɗaya ce ga sarki da yaro, ga mutum ɗaya da taro. Baturen Ingila yana gane an girmama shi ne idan an kira shi da laƙabinsa da sunansa daidai, an rubuta cikakkun jimloli ba gutsure-gutsure ba, an ambaci takamaiman abin da ya yi, an kuma rufe wasiƙar da kalmar da ta dace. Don haka aikinki shi ne ki tambayi kowace jimla ta Baba, me take yi a nan, sannan ki nemo abin da yake yin wannan aikin a Turanci. Baba zai fi kowa gane wannan: shaddar ɗaya ce, ɗinkin ne ake yi daidai jikin mai sawa.

Mu fara da "ranki ya daɗe". Ko kin buɗe ƙamus ɗin Hausa da Turanci na Bargery na 1934, ma'anar kalmomin zai ba ki, amma ma'anar ba ita ce matsalarki ba. A bakin Bakano wannan furucin ya daɗe da zama laƙabin girmamawa, kamar yadda ake faɗa wa alƙali ko hakimi ko babban ma'aikaci. Idan kika buɗe wasiƙa da "May you live long" sai ta ji kamar ana yi wa sarauniya kirari a fim. Abin da yake ɗaukar nauyinsa shi ne "Dear Dr" sai sunan danginta, wato sunan ƙarshe, ba sunan yanka ba. Mu a nan mun saba haɗa "Dakta" da sunan farko, amma a wasiƙar girmamawa ta Ingila sunan ƙarshe ake sawa. Akwai kuma wata al'ada tasu da ya kamata ki sani: likitocin tiyata a Ingila, har da masu aikin ido, da yawansu ba sa amfani da "Dr", sai "Mr" ko "Miss" ko "Ms" ko "Mrs", kuma a wurinsu wannan alamar matsayi ce. Ki duba takardar sallama ko saƙon da ta taɓa turo muku ki ga yadda take rubuta sunanta, ki bi shi. In ba ki samu ba, "Dr" ba za ta ɓata mata rai ba. Abin da za ki guje wa shi ne "Ma". A Sabon Gari ko a ofisoshinmu ladabi ce, a kunnen 'yar Ingila kuwa ta fi kama da yadda yaro yake kiran uwarsa. Addu'ar tsawon rai ba ta ɓace ba, tana nan tafe a cikin "ya ja kwana", a can za ki ba ta wurinta.

Gaisuwar ba ta da wuya. Turanci ba ya tambayar gajiya, kuma "How is your tiredness?" za ta sa ta yi tunanin ko ta nuna kasala a gabanku. Sauka lafiya da gajiya da iyali duk jimla ɗaya za ta ɗauke su: "I hope you arrived home safely and that you and your family are well." Shi kuma "ba ni da bakin godiya" kin yi sa'a, yana da ɗan'uwa a Turanci wanda suke faɗa da kansu: "I cannot find the words to thank you." Bakin ne kawai za ki mayar kalmomi.

Inda haɗari yake sosai shi ne "kin yi ƙoƙari", kuma ina so ki tsaya a nan da kyau domin mutane da yawa masu Turanci mai kyau suna faɗawa ramin. A Hausa wannan yabo ne cikakke. A Turancinmu na Najeriya ma "you have tried" yabo ne, shi ya sa Yayanki bai ji komai a jikinsa ba da ya rubuta. Amma a Turancin Ingila wanda aka ce wa "you tried" ana nufin ya gwada bai yi nasara ba, ana dai lallashinsa. Ki yi tunanin likitar da ta yi wa mutum aikin ido ta koma gida, sai ga saƙo daga iyalinsa ana ce mata ta dai gwada. Abu na farko da zai zo mata shi ne aikin ya lalace, idon bai buɗe ba. Saƙon godiya sai ya koma saƙon tashin hankali. Abin da Baba yake nufi shi ne ta ba da iyakar ƙarfinta, wato "You gave me your very best." Haka ma ki kiyayi "well done" idan kina nufin sannu da aiki, domin a can malami ne yake faɗa wa ɗalibi, ko babba ga na ƙasa da shi.

Sai "a yafe mana". Mu mun san ba laifi Baba yake tunawa ba. Dattijon kirki ba ya rabuwa da wanda ya yi masa hidima sai ya nemi yafiya, ko da bai san ya yi komai ba. Idan kika rubuta "Please forgive us", likitar za ta zauna tana lissafin me aka yi mata, wataƙila ma ta rubuto tana tambaya. Hanya biyu ce a gabanki. Mai sauƙin ita ce "Thank you also for your patience with us", domin wanda ya gode wa haƙurinka ya amsa cewa ya ɗora maka nauyi, kuma wannan shi ne zuciyar maganar Baba. In kuma Baba ya ce shi lallai yafiyar yake so a nema, saboda a wurinsa haƙƙi ne na tsakaninsa da Allah, to kada ki hana shi. Ki sa sharaɗin a gaba yadda zai fito fili cewa ba wani laifi sananne ake nufi ba: "If we ever caused you any trouble without knowing it, please forgive us."

Addu'o'in kuwa ra'ayina shi ne kada ki cire su. Wasu za su ce miki Turawa ba ruwansu da addini, a bar "thank you" kawai. Ban yarda ba. Addu'a ita ce abu mafi tsada da Baba yake da shi da zai ba matar nan, kuma wadda ta zauna a Kano ta yi aiki da marasa lafiyarmu ta riga ta ji "Allah ya saka" ba adadi. Ko mai addini ce ko ba mai addini ba, mutum mai hankali yana gane kyauta idan an miƙo masa. Abin da za ki yi shi ne ki tattara su. Addu'a huɗu a jere a Hausa kamar ruwa suke gudu, a Turanci kuwa idan kowace ta fara da "May God" sai wasiƙar ta koma huɗuba. Jimla biyu sun isa. Ki rubuta "God", domin ita ce fassarar Allah kai tsaye, Hausawa Kiristoci ma Allah suke cewa, kuma da ita likitar za ta ji addu'ar ta shafe ta. "Ya raya zuri'a" kuma ki yi hattara da shi. In ba ku san tana da 'ya'ya ba, kada ki rubuta "your children", don ba ki san abin da za ki taɓo ba. "Your family" ta wadatar. "Ya ƙara girma" ba girman jiki ba ne balle ki ce "bigger", daraja ce, wato "honour".

Akwai wani abu da ke da Yayanki duka ba ku sa ba, kuma shi ne zai fi taɓa zuciyar likitar. Baba bai ambaci abin da ya canza a rayuwarsa ba, domin a al'adarmu "abin da kika yi mini" ya isa, kowa ya san zancen. A Turanci godiyar da ba ta ambaci komai ba tana kama da wadda ake bugawa a kati a raba wa kowa, shi ya sa "for everything" ɗinki ta fito ba nauyi. Zuwa masallaci shi kaɗai da bambance launin shadda a shago su ne za su yi aikin da "na gode, na gode" yake yi a Hausa. Amma fa kada ki ƙara su da kanki, tunda bai faɗa ba. Ki same shi bayan la'asar ko lokacin da yake hutawa ki ce, "Baba, a al'adarsu sun fi jin daɗi idan an faɗa musu abin da aikinsu ya amfanar. In sa mata cewa yanzu kana zuwa masallaci da kanka, ka kuma koma shago?" Na tabbata zai ce ki sa, wataƙila ma ya ƙaro wani abin da ya fi waɗannan. Daga nan maganar ta zama tasa.

Idan ya amince, ga yadda saƙon zai iya tsayawa, da muryar Baba kansa:

Dear Dr ——,

I hope you arrived home safely and that you and your family are well.

I cannot find the words to thank you. Before the operation I could not leave my house alone. Today I walk to the mosque by myself, and I am back in my shop, able to tell one colour of cloth from another. You gave me your very best, and you cared for me as a daughter would care for her own father.

I can never repay you, so I pray that God will reward you. May He grant you long life and honour, and bless you and your family. Thank you also for your patience with us. I hope the friendship between us will last.

With my deepest gratitude and respect,
Alhaji ——

Ki lura babu "Thanks" a ciki, domin ta tsakanin abokai ce, kuma an rubuta "I cannot" da "I am" a cike ba a taƙaice ba. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne suke sa Turanci ya ji da nauyi. Rufewar ma ita ce ta ɗauki ragowar "ranki ya daɗe". In kin fi son rufewa irin ta wasiƙar ofis, "Yours sincerely" ce take tafiya da wasiƙar da aka ambaci sunan mutum a samanta, "Yours faithfully" kuma ta wadda aka buɗe da "Dear Sir" ko "Dear Madam" ce. Ni dai a nan na fi son wadda na rubuta, don ta fi ɗumi.

Ki kuma lura da abin da ban sa ba. Babu "your humble servant", babu "I remain loyal", babu roƙo. Mutane da yawa idan suna neman ladabi a Turanci sai su zarce su shiga ƙasƙantar da kai irin na tsofaffin takardun neman aiki. Baba ba haka ya yi magana ba. Dattijo ne mai shekara 70 da ɗoriya, mai gida da shago, yana girmama wadda wataƙila sa'ar 'yarsa ce saboda iliminta da alherinta. Jimlar "kin riƙe ni kamar mahaifinki" ita ce take nuna matsayinsa, yana sa mata albarka ne daga sama. Idan Turancin ya mayar da shi mai durƙuso, an yi masa ƙarya kamar yadda za a yi masa idan an mayar da shi mai rowar godiya.

Da a ce likitar 'yar Najeriya ce daga kudu, da shawarata ta ɗan bambanta. Da "Ma" ta zauna daram, da "you really tried for me" ta isar da yabo, da addu'o'in ma an bar su a jere yadda suke, domin kunnenta ya saba. Na faɗi wannan ne don ki san Yayanki bai rubuta shirme ba, Turancin da ake yi a nan ya rubuta, mai karatun ce ba 'yar nan ba. Wannan ita ce ƙofar da za ki bi ki same shi. Kada ki gyara masa a gaban Baba ko a gaban ƙanne. Ki ce masa, "Yaya, gaskiyarka, nawa ya yi gajarta, na ɗauki shawararka na mayar da addu'o'in duka. Wuri biyu ne kawai na ji tsoron za ta fahimta a baibai." Sai ki nuna masa zancen ƙoƙari da na yafiya. Sannan ki ba shi aikin da ya fi kowane muhimmanci: ya ɗauki Turancin ya mayar wa Baba da shi Hausa da baki, jimla bayan jimla, ba tare da ya kalli asalin maganar ba. Ke kuma ki zauna kina kallon fuskar Baba. Inda ya gyaɗa kai, an dace. Inda ya ce "a'a, ba haka na ce ba", nan ne za a gyara. Wannan gwajin ya fi duk wata muhawara tsakaninku, kuma zai sa Yaya ya ji da hannunsa a ciki. Idan har akwai jimlar da kuka kasa daidaitawa, ku nuna wa wani malamin Turanci, ko a unguwa ko cikin waɗanda kuka sani a Jami'ar Bayero, amma ku gaya masa tun farko cewa mai karantawar 'yar Ingila ce.

Game da tambayar da Baba yake yi kullum, ki gaya masa gaskiya yau. Ki ce ba a tura ba tukuna, kuna so ne maganarsa ta isa yadda ya faɗe ta. Barinsa yana zaton an tura an yi shiru zai sa ya fara tunanin ko likitar ta raina godiyarsa, kuma wannan zalunci ne gare ta da gare shi.

Ranar turawa, kada ki bar muryar Baba a wayarki. Ki haɗa ta da fassarar, ko ta WhatsApp ko ta imel. Ba za ta ji Hausar duka ba, amma za ta ji sautin dattijon da ta yi wa aiki, za ta tsinci "Likita" da "na gode" da "Allah", kuma abin da Turanci ya kasa ɗauka muryar za ta kai shi. Ki fara da layi ɗaya naki, daban da nasa, don ta san wa ke magana a ina: "My father spoke this message in Hausa and asked me to translate it for you. I am sending his recording as well." Sai fassarar ta biyo baya a saƙo guda, ba a yayyanka ta ba, kuma ba tare da hotunan fure ko na hannaye ba. In Baba ya yarda, hotonsa a shago tsakanin shaddodinsa zai yi kyau a haɗa. Jinkirin mako biyu ba ya buƙatar dogon ban haƙuri, kada ki ɓata saman saƙon da shi. Ku zauna da Baba da Yaya cikin kwana biyun nan ku gama, in ta amsa kuma ki mayar masa da amsarta Hausa da irin wannan kulawar. Ki gaishe mini da shi da jiki.